Darasin Bango: Tambayoyi Biyu da Ke Raba Lafiyar Abinci, Kariyar Abinci da Algus

A gwajin da muka yi na darasin tattalin gida a zangon da ya wuce, tambaya ta huɗu ta ce mu kawo ma'anar abubuwa uku: lafiyar abinci, kariyar abinci, da algus a abinci. Kowace maki biyar. Ni dai maki biyar na samu cikin goma sha biyar, domin amsa ɗaya na juya sau uku, wato "hana abinci ya cutar da mutane". Malama ta ja jan biro a ƙarƙashin biyu daga ciki ta rubuta: "Wa ya yi? Me yake nema?" Bayan an tashi na bi ta ofis ta yi mini bayani, na kuma je na ƙara karatu. Abin da na gane shi ne na kawo muku, tunda jarrabawar ƙarshen zango ta kusa.

Tambayoyin nan biyu

Duk lokacin da aka ba ka labarin abincin da ya sami matsala, kada ka fara duba irin cutar da ya jawo. Fara tambayar kanka: da gangan aka yi, ko ba da gangan ba? Idan ba da gangan ba ne, maganar lafiyar abinci ce, ka gama. Idan da gangan ne, sai ka yi tambaya ta biyu: wanda ya yi ɗin me yake nema? Idan kuɗi yake nema ta hanyar yaudarar mai saye, algus ne. Idan so yake ya cutar da mutane, ko ya tsorata su, ko ya ɓata sunan mai abincin, to an shiga maganar kariyar abinci.

Ƙwaryar nono ɗaya, labari uku

Mu ɗauki mai sayar da nono a bakin kasuwa. Ranar farko ta yi sauri, ba ta wanke ludayi da kyau ba, ta bar ƙwaryar a buɗe ƙudaje suna sauka. Mutum uku suka sha suka kwana suna gudawa. Ba ta so haka ba, hasali ma asara ta yi, don masu sayen nata sun gudu. Wannan matsalar lafiyar abinci ce. Maganinta wanke hannu da kwano, rufe abinci, dafa shi ya dahu sosai, da kula da zafi da sanyi. Ƙwayoyin cuta sun fi saurin yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan a ɗaki.

Rana ta biyu, a ce nononta kwano takwas ne. Sai ta zuba ruwa kwano biyu, ta dama ɗan garin rogo don ya yi kauri, ta sayar da kwano goma da sunan tsantsar nono. Ta san abin da ta yi. Ba ta son kowa ya yi ciwo, domin in an yi ciwo asirinta zai tonu. Kuɗin kwano biyun nan take so. Wannan shi ne algus. Wanke hannu ba ya maganinsa, ko da ta fi kowa tsafta a kasuwar. Abin da ke maganinsa shi ne gwada kaya, sanin wanda kake saye a wurinsa, da hukunci daga hukuma irin NAFDAC.

Rana ta uku, ta ajiye ƙwaryar ta tafi neman canji. Wani da yake jin haushinta ya zo ya barbaɗa maganin ɓera a ciki. Ko kwabo ba zai samu ba, cutarwa kawai yake nufi. Matakan da za su hana irin wannan su ne kariyar abinci: kada a bar abinci ba mai tsaro, a kulle sito, a san wanda yake shiga kicin, a liƙe bakin kwalba yadda in an buɗe za a gane.

Kun ga ƙwarya ɗaya ce, mai nono ɗaya ce. Abin da ya canza shi ne niyya.

Tarko na farko: algus ɗin da ya kashe mutane

Nan ne yawancinmu muka faɗi. Muna ɗauka in dai an mutu ko an kwanta asibiti, ba algus ba ne. Ba haka ba ne. A shekarar 2008 a ƙasar Sin, an gano ana tsarma madara da ruwa, sannan a zuba wani sinadari mai suna melamin, wanda da shi ake yin farantan roba. Me ya sa shi? Gwajin da ake yi wa madara a lokacin ba furotin yake aunawa kai tsaye ba, naitirojin yake aunawa, daga nan a lissafa yawan furotin. Melamin kuwa cike yake da naitirojin. Saboda haka madarar da aka tsarma sai ta ci gwaji kamar mai kyau. Sinadarin ya shiga madarar jarirai, ya jawo musu tsakuwa a ƙoda. Jarirai kusan 300,000 suka kamu, hukuma ta tabbatar da mutuwar 6.

Yanzu mu yi tambayoyinmu. Da gangan aka zuba? E. Me ake nema? A sayar da ruwa a kuɗin madara. Amsa: algus ne, wanda ya haifar da matsalar lafiyar abinci. Haka ma mai nononmu, da ruwan kwano biyun nan na gurɓatacciyar rijiya ne har mutane suka kamu, laifin nata sunansa algus, ciwon kuma sakamakonsa ne. Sannan akwai algus da ba ya sa kowa ciwo. A 2013 a Turai an gano naman doki a cikin abincin da aka rubuta naman shanu a jikinsa. Babban laifin a nan yaudara ce, an karɓi kuɗin abu an ba da wani.

Tarko na biyu: ƙwayar cuta ɗaya, suna biyu

Wasu kuma suna cewa in ƙwayar cuta ce to lafiyar abinci ce, in guba ce to kariya ce. Wannan ma kuskure ne. Akwai ƙwayar cuta mai suna salmonela da ake samu a ɗanyen ƙwai da naman kaza. Idan mai girki ya yanka ɗanyar kaza, ya yanka latas da wuƙar bai wanke ba, mutane suka kamu, lafiyar abinci ce. Amma a 1984, a jihar Oregon ta Amurka, mabiyan wata ƙungiya sun ɗauki wannan ƙwayar suka zuba da hannunsu a kayan salak na gidajen abinci 10. Mutum 751 suka kamu. Nufinsu shi ne mutanen garin su kwanta ciwo su kasa fita zaɓe. Ƙwayar ba ta canza ba, amma wannan hari ne, kuma shi ne irin abin da kariyar abinci take ƙoƙarin hanawa.

Yadda za ka rubuta ma'anar

Malama ta ce abu uku take nema a kowace ma'ana: mene ne abin, da gangan ne ko a'a, da kuma manufa. Ta ƙara da wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Biyu daga cikin ukun sunayen matakan tsaro ne, ɗaya kuma sunan laifi ne. Wanda ya rubuta "kariyar abinci ita ce zuba guba a abinci" ya juya maganar, ya kawo sunan ɓarawo a wurin mai gadi. Ga yadda na gyara amsoshina:

Lafiyar abinci ita ce matakan da ake bi wajen noma, ajiya, dafawa da sayarwa don hana abinci gurɓata ba da gangan ba, ta hanyar ƙwayoyin cuta, sinadarai, ko abubuwa irin su tsakuwa da fasasshen gilashi.

Kariyar abinci ita ce matakan da ake ɗauka don tsare abinci daga wanda zai gurɓata shi da gangan da nufin cutar da mutane ko ɓata sana'ar mai shi.

Algus a abinci shi ne yaudarar mai saye da gangan don samun kuɗi, ta hanyar gauraya abinci da wani abu, musanya shi da mai araha, ko yin ƙarya a rubutun jikinsa.

Ka ƙara misali ɗaya a ƙarƙashin kowace. Kuma ka kula da wani na huɗu da yake shigowa cikin tambayoyin zaɓi don ya ruɗa mu, wato wadatar abinci. Ita maganarta ko mutane suna samun isasshen abinci mai gina jiki a kowane lokaci. Ba ta tambayar wa ya taɓa abincin.

Gwada kanka

1. Masara ta sha danshi a rumbu ta yi fumfuna, iyali suka ci ba su sani ba, suka kamu da ciwon hanta.
2. Mai manja ya zuba rini don man ya yi ja sosai ya sayar da tsada.
3. Ma'aikacin da aka kora ya dawo da dare ya zuba ƙusoshi a buhun fulawar gidan burodi.
4. Mai shago ya goge ranar lalacewa a jikin gwangwanin madara ya buga sabuwa.
5. Fari ya hana amfanin gona yi, hatsi ya yi wa talaka tsada.

Rufe nan da hannunka sai ka gama. Amsoshi: ta 1 lafiyar abinci, don ba wanda ya yi niyya. Ta 2 algus. Ta 3 kariyar abinci. Ta 4 algus, ko da bai buɗe gwangwanin ba, domin ƙarya ya yi a rubutu don kuɗi. Ta 5 wadatar abinci.

Wanda ya ci biyar ya rubuta sunansa da ajinsa a takardar da muka liƙa a ƙasa. Wanda ya faɗi a ta 2 ko ta 4, ya koma ya sake karanta labarin madarar ƙasar Sin. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.

Daga wakilin ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.