Kwatanta Ma'aunin OBV da na A/D da Ma'anar Saɓaninsu da Farashi

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta ma'aunai biyu da masu nazarin kasuwar hannun jari ke amfani da su wajen auna adadin ciniki. Ta nuna cewa tambayar da kowannensu ke amsawa daban ce, don haka saɓaninsu da farashi ba ma'ana ɗaya gare shi ba.

1.0 Gabatarwa

Adadin ciniki shi ne yawan hannayen jarin da suka sauya hannu a rana guda. Tunanin da aka gina ma'aunan biyu a kansa shi ne, tashin farashin da ciniki mai yawa ya raka ya fi inganci a kan wanda 'yan tsiraru suka haddasa. Joseph Granville ne ya yayata OBV a Amurka a shekarar 1963, shi kuwa layin A/D ana danganta shi ne da Marc Chaikin.

2.0 Yadda Ake Lissafinsu

OBV yana kwatanta farashin rufewa na yau da na jiya. Idan na yau ya fi, sai a ƙara dukkan cinikin ranar a kan jimillar baya. Idan ya gaza, sai a debe shi duka. Ribar kwabo ɗaya da ta naira goma duk ɗaya ne a wurinsa.

A/D kuwa bai damu da jiya ba. Abin da yake dubawa shi ne inda farashi ya rufe tsakanin mafi tsada da mafi araha na ranar:

```
m = ((C - L) - (H - C)) / (H - L)
AD = AD_jiya + m * V
```

A nan `H` shi ne farashi mafi tsada, `L` mafi araha, `C` na rufewa, `V` kuma adadin ciniki. Darajar `m` ba ta wuce tsakanin -1 da +1.

3.0 Misali

A ƙaddara cewa wani hannun jari ya rufe jiya a kan naira 100. Yau ya buɗe sama da haka, ya kai 108, bai sauko ƙasa da 104 ba, sannan ya rufe a 105, an kuma yi cinikin hannaye 1,000,000. OBV zai ƙaru da 1,000,000, domin 105 ya fi 100. Amma `m` zai zama (1 - 3) / 4, wato -0.5, don haka A/D zai ragu da 500,000. Duka biyun sun faɗi gaskiya: farashi ya ɗara na jiya, sai dai masu sayarwa ne suka rinjaya kafin a tashi kasuwa.

Idan aka juya lamarin, farashi ya faɗi daga 100 ya yi zirga-zirga tsakanin 92 da 96, ya rufe a 95, to A/D zai ƙaru da 500,000 alhali mai hannun jarin ya yi asarar kashi 5 cikin ɗari. Wannan ne babban raunin A/D: ba ya ganin giɓin da ke tsakanin rufewar jiya da buɗewar yau.

4.0 Ma'anar Saɓani da Farashi

Idan farashi ya haura ƙololuwarsa ta baya amma OBV bai haura tasa ba, hakan na nuna cewa cinikin ranakun faɗuwa ya fara cinye na ranakun tashi. Idan kuwa A/D ne ke sauka alhali farashi na hawa, ma'anarsa ita ce ana yawan rufewa a ɓangaren ƙasa na zangon kowace rana. Saɓanin ya fi nauyi idan ma'aunan biyu suka yi tarayya a kansa.

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a koma ga alƙaluman kowace rana. Idan A/D kaɗai ya saɓa, a duba ko akwai giɓi a jere, domin mai yiwuwa lissafin ne ya haifar da saɓanin. Idan OBV ne kaɗai, a duba ko ciniki guda mai girman gaske, kamar musayar hannaye tsakanin manyan masu jari biyu, shi ne ya karkatar da layin. A cire wannan rana a sake lissafi. Idan saɓanin ya ɓace, to dama ba shi da tushe.

5.0 Kammalawa

Jimillar da kowane ma'auni ya nuna ba ta da ma'ana ita kaɗai, tunda ta dogara ga ranar da aka fara ƙirga. Alkiblar layin ce abin lura. Haka kuma duk hannun jarin da aka sayar wani ne ya saya, saboda haka ma'aunan hasashe kawai suke yi game da ɓangaren da ya fi matsuwa. Saɓani na iya ɗaukar makonni farashi bai juya ba, yana kuma iya gushewa ba tare da ya juya ba. Wanda ya sayar da jarinsa don saɓani kaɗai, tun farashi bai karya matakin da ya saba tsayawa ba, ya yi aiki ne da gargaɗi a matsayin hujja.