Rahoton Mahalarta Taron Matasa: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Wannan jan kunne naka ne, kai sakataren ƙungiyar matasa da aka ɗora wa rubuta rahoto bayan an kwashe tabarmi an mayar da kujerun haya. Waɗanda suka ba da kuɗin taro, ko porje ne, ko ofishin magajin gari, ko ɗan kasuwar albasa da ya sayi shinkafa, abu uku suke son sani: mutum nawa suka zo, su wane ne, kuma ina maganar ta kai. Za mu ɗauki Azarori, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Madawa ta jihar Tawa, mu ce an yi taron kwana biyu an gayyato matasa daga Madawa da Buza da Keita. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne don a ga yadda ake lissafin.

Kada ka haɗa lis ɗin ranar farko da na rana ta biyu ka kira jimillar mahalarta. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi yawa a rahotannin taro, kuma mafi yawan masu yin ta ba su ma san ƙarya suke yi ba. A ce an gayyaci matasa 150. Ranar farko mutum 128 suka sa hannu, rana ta biyu 112. Mai gaggawa zai rubuta 240, ya yi murna an zarce abin da aka gayyata. To, ajiye takardun biyu gefe da gefe ka bi suna bayan suna. Idan ka tarar mutum 97 sun zo duka ranakun, ka ƙirga su sau biyu ke nan. Cire 97 daga 240, saura 143. Su ne ƴan Adam ɗin da suka tako wurin.

Kada kuma ka tsaya a 143. A cikinsu akwai ku masu shirya taro, a ce ku 8, da manyan baƙi 9, irin su wakilin magajin gari da hakimai da limamin da ya buɗe taro da addu'a, da direbobi da ƴan jarida 6. Waɗannan 23 sun halarta, sun ci abinci, amma ba don su aka ba da kuɗin ba. Ba su layinsu daban. Saura 120. Cikin 120 ɗin nan, a ce 14 sun haura shekarun da aka ƙayyade. Matasan da taron ya samu 106 ne, wato kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka gayyata. Wannan shi ne adadin da za ka ɗora a saman shafin farko, sauran su biyo a ƙasansa.

Ga dalilin da ya sa mai ba da kuɗi ba ya wasa da wannan. Abu na farko da akawunsa zai yi shi ne ya raba kuɗin da yawan kawuna. Idan taron ya ci jika 1,800 na sefa, ka rubuta 240, kowane kai ya tashi jika 7 da rabi. Idan aka raba da 106, kowane matashi ya tashi kusan jika 17. Baɗi, in kun koma neman tallafi, da farashin jika 7 da rabi za a auna ku, a ba ku kuɗin da ba zai ciyar da rabin mutanenku ba. Kai ka gina ramin da hannunka.

Ka faɗi abin da kake nufi da matashi tun a layin farko. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙirga matashi daga shekara 15 zuwa 24. Yarjejeniyar Matasan Afirka, wadda aka amince da ita a Banjul a 2006, ta ce 15 zuwa 35. Magidanci mai shekara 33 da mata biyu matashi ne a ma'auni ɗaya, a ɗayan kuwa ya wuce. Duba takardar yarjejeniyarku ka ga wanne mai kuɗin yake bi. Idan ba a rubuta ba, raba lis ɗinka gida uku: 15 zuwa 24, 25 zuwa 35, da sama da 35, kowa ya ɗauki wanda ya dace da shi. Kada ka tilasta wa mutane faɗin ranar haihuwa. Da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, wasu kuma katinsu shekara kawai ya nuna, ita ma kintata aka yi. Idan ka matsa, za su ba ka lambar da ta zo bakinsu. Rukunin shekaru ya fi kusa da gaskiya.

Kada ka bar takardar halarta ta yi yawo hannu zuwa hannu a cikin zaure. Nan ne aboki yake sa wa aboki hannu, musamman in an ji akwai kuɗin mota. Sa mutum biyu a bakin ƙofa da tebur da tawadar dangwale, wanda bai iya rubutu ba a rubuta masa ya dangwala yatsa. A ba kowa lamba ranar farko, ya dawo da ita rana ta biyu, domin suna kaɗai ba ya raba mutane a ƙasar da Abdu da Ibro da Hadiza suka cika kowane gari. Rubuta sunan uba da sunan ƙauye. Mai binciken kuɗi ya san alamun lis ɗin jabu sarai: sa hannu goma a jere da biro ɗaya da karkata iri ɗaya, lambar waya guda a gaban sunaye biyar, ko sunaye da suka jeru bisa haruffa kamar an kwafo su daga rajistar makaranta. Lambar waya guda ga mutum biyu ko uku ba laifi ba ce, gida ɗaya kan yi tarayya a waya, amma ka sa alama a gefe ka bayyana.

Ka sake ƙirga kawuna bayan azahar. Lis ɗin safe yana nuna wanda ya shigo, ba ya nuna wanda ya zauna. Idan an fara da 128, bayan cin abinci aka ƙirga 80, rubuta duka biyun. Galibi mata ne suke fara tashi saboda girki da ɗiban ruwa, sai na nesa da ke son kama mota ko kabu-kabu kafin duhu. Mai ba da kuɗi mai hankali zai fi amfana da wannan bayani, don shi ne zai sa a matso da muhimman jawabai zuwa safe.

Kada ka rubuta "mata sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu". Rubuta 29 cikin 106, kashi 27 cikin 100. Kowane kaso ka sa adadinsa a gefensa, don kashi 50 na mutum 6 mutum 3 ne kacal. Matan da suka dafa abinci ba mahalarta ba ne sai in sun zauna an yi da su. Kuma ka ƙara layi guda: cikin waɗanda suka karɓi lasifika suka yi magana, mata nawa ne? In amsar ita ce ɗaya, wadda ta karanta jawabin godiya, to a rubuta ɗaya.

Ka nuna daga ina mutane suka fito, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. A misalinmu, a ce Madawa ta kawo 71 alhali 70 aka gayyata, Buza 22 cikin 40, Keita 13 cikin 40. Jimilla ta yi kyau, amma taron na Madawa ne da ƴan baƙi. Idan 40 daga cikin 71 ɗin nan mutanen Azarori ne da suka tako da ƙafa, wasu ma ba da gayyata ba, ba ka da ikon kiransa taron gundumomi uku ba tare da bayani ba. Faɗi ko an samu kowa daga Bangi da Urno da Sabon Gida da Galma, ko daga Tama da Karofan a ɓangaren Buza, ko daga Tamaske da Ibohaman da Garhanga a ɓangaren Keita. Inda ba a samu kowa ba, sa sifili, kada ka goge layin.

Kada ka ɓoye dalilin ƙarancin, kada kuma ka ƙirƙiro shi. Kowa ya san samarin Adar da tafiya cin rani: da an gama girbi sai Najeriya, Abijan, Libiya ko Aljeriya. Taron da aka sa a tsakiyar rani zai rasa su, zai kuma ci karo da aikin albasa a fadamun Tarka. Wanda aka sa ranar 12 ga Agusta don ya dace da Ranar Matasa ta Duniya ya faɗa tsakiyar damina, mutane suna gona, ƙoramu sun yanke hanya. In ɗaya daga cikin waɗannan ne ya hana mutanen Keita zuwa, buga wa shugabanninsu waya ka ji daga bakinsu kafin ka rubuta.

Game da ƙabila, ka tambayi harshen da mutum ya fi fahimta, ya isa. A Azarori akwai Buzaye Kel Geres da Hausawa, yankin kuma yana da Fulani makiyaya. Abin da zai amfani rahoto shi ne a san ko an yi jawabi da Faransanci a gaban mutanen da Hausa da Tamajak suke ji, da ko an samu tafinta. Masu buƙata ta musamman ma a tambaye su da ladabi a bakin ƙofa, kada a ƙirga su da ido daga nesa.

Sai batun inda maganar ta kai, wanda nan ne alƙalami ya fi zamewa. Kada ka ɗauko yawan jama'ar gunduma daga ƙidayar 2012 ka ce su ne suka saurari taron don kawai gidan rediyon al'umma ya watsa shi. Abin da ka sani shi ne sunan gidan rediyon, ranar da aka sa shirin, minti nawa ya yi, da wane harshe, sau nawa aka maimaita, da mutum nawa suka bugo waya. Rubuta wannan, ka karɓo takardar shaidar watsawa daga wurinsu. A WhatsApp, zaure uku masu mutum 200 kowanne ba mutum 600 ba ne, don mutum ɗaya yana iya kasancewa a duka ukun, kuma kasancewa a zaure ba sauraro ba ne. A Facebook, yawan lokutan da aka nuna saƙo daban yake da yawan mutanen da ya kai gare su. Ɗauki na biyun, ka ɗauki hoton allon da kwanan wata. Kada ka taɓa tara waɗannan da 106 ɗinka a layi ɗaya. Wanda ya kwana biyu a zaure da wanda hoton ya gifta masa a waya ba abu ɗaya suka samu ba.

Isar da ta fi nauyi ita ce ta wakilan da suka koma gida suka tara ƴan fadarsu suka ba da labari. In kana son ƙirga ta, ba kowane wakili takarda ya kawo ranar zaman da sunan gari da adadin waɗanda suka zauna. Wakilai 12 ne suka dawo da takarda? Na 12 ɗin za ka rubuta, kada ka ninka da sauran.

Kada ka liƙa sunaye da lambobin waya a jikin rahoton da zai yi yawo a ofisoshi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita. Asalin lis ɗin ya zauna a wurinku, a ba mai kuɗi kwafi a rufe in yarjejeniya ta buƙata, a kuma gaya wa mahalarta tun a ƙofa cewa za a ba shi. Hoton ƴan ƙasa da shekara 18 sai da yardar iyaye.

Kafin ka aika, ka gwada adadinka da takardar mai abinci da ta kuɗin mota. Idan an biya faranti 200 a ranar da mutum 112 suka sa hannu, ko a gyara lissafi ko a rubuta inda 88 suka tafi, ko da yaran gari ne suka cinye. Sannan shugaba da ma'aji su sa hannu tare da kai, a aika cikin wa'adin da yarjejeniya ta yanka.