Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne dannau?

Wata mai sauraro daga Nima, Accra, ta aiko da tambaya: takan farka cikin dare ta kasa motsi, ta kasa ihu, ga wani kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Aljani ne ko maye?

Wannan shi Hausawa ke kira dannau, kuma masana sun san tushensa. A shekarar 1953, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani matakin barci da idanu ke yawo a ƙarƙashin fatarsu, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. A lokacin nan ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya zura da gaske. Dannau na faruwa idan hankali ya farka alhali ɗaurin bai sake ba. Numfashi ba ya tsayawa, sai dai ba shi da zurfi, shi ya sa ake jin nauyi a ƙirji. Sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari kuwa a faɗake yake, sai ya haɗa guntun mafarki da inuwar rigar da ke rataye, ya mai da ita mutum.

Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Ƙarancin barci, damuwa da kwanciyar rigingine na jawo shi, don haka mai tambayarmu ta gwada kwanciya ta gefe. Idan ya yawaita, ga gyangyaɗi mai tsanani da rana, a ga likita.