Gado na 7 na wane ɗaki?

A aikinmu na tsara rumbun bayanan asibiti, kuskuren da ya fi yawan dawowa shi ne ɗaukar lambar gado tamkar lambar katin majinyaci. Lambar kati ta mutum ɗaya ce a duk faɗin asibitin, ko yana kwance ko an sallame shi. Lambar gado kuwa ba ta tsayawa da ƙafarta. Akwai gado na 7 a ɗakin maza, akwai na 7 a ɗakin mata, akwai a ɗakin yara. Idan nas ta ce “a kai jini gado na 7”, abokiyar aikinta ta gane, domin ɗaki ɗaya suke tsaye. Kwamfuta ba ta tsaye a kowane ɗaki, don haka sai an faɗa mata.

Irin wannan abu, wanda bayanansa kaɗai ba su isa su bambanta shi da ’yan’uwansa ba sai an haɗa da mabuɗin wani, shi ake kira abu mai rauni. Alaƙar da ke ba shi cikon sunansa ita ce alaƙa mai tantancewa. A salon zanen da ya samo asali daga maƙalar Peter Chen ta 1976, ana zana abu mai rauni da akwati mai layi biyu, alaƙarsa da mai shi kuma da lu’ulu’u mai layi biyu. A misalinmu ɗaki ne mai shi, lambar gado rabin mabuɗi ce, cikakken mabuɗin kuma sai an gama su biyun:

```sql
CREATE TABLE gado (
  daki_id     INT NOT NULL REFERENCES daki(id),
  lambar_gado INT NOT NULL,
  PRIMARY KEY (daki_id, lambar_gado)
);
```

Da wannan, gado na 7 zai shiga sau uku a ɗakuna uku ba tare da matsala ba, amma ba zai shiga sau biyu a ɗaki ɗaya ba, kuma ba za a iya rubuta gadon da ba shi da ɗaki ba.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen majinyaci. Da yake gado ya jingina da ɗaki, sai a zaci majinyaci ma ya jingina da gado, a sa lambar gado cikin teburinsa. Ɗauki wata mata da aka ba gado na 7 a ɗakin mata ranar Litinin, aka mayar da ita na 2 ranar Laraba don ta kusanci teburin nas, aka sallame ta ranar Asabar. Idan gadon yana cikin teburinta, rubutun Laraba ya goge na Litinin. Ranar da aka gano wata cuta mai yaɗuwa a ɗakin, aka tambayi waɗanda suka kwana kusa da gado na 8 a farkon mako, sunanta ba zai fito ba. Ita majinyaciyar ba ta da rauni a tsari, tana da lambar katinta. Abin da ke da rauni shi ne zamanta a kan gado: ana gane shi da lambar kati haɗe da lokacin da ta hau gadon, sannan ya nuna ɗaki da gado a matsayin bayani kawai. Layi biyu ke nan a mako guda, kuma babu wanda ya taɓa ɗayan.

Wasu za su ce duk wannan wahala ce, a ba kowane gado lamba ta musamman da kwamfuta ke ƙirgawa, a huta. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin mabuɗi mai ginshiƙi biyu sai an kwafe shi cikin kowane teburin da ke nuni ga gado. Ni ma ba na hana wannan lamba. Sai dai ba ta cire raunin ba, ɓoye shi ta yi. Nas ba ta san gado mai lamba 4183 ba, abin da ke rubuce a bango ta sani. In ba a ɗora `UNIQUE (daki_id, lambar_gado)` tare da `NOT NULL` ba, wata rana ma’aikaci zai sake shigar da gado na 7 na ɗakin mata, rumbun ya karɓa. Alamar hakan a bayyane take: rahoto ya nuna gadaje 21 a ɗakin da ke da 20, ko ya ce akwai gado a sake alhali mutum na kwance a kai.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ai ana gungura gado daga wani ɗaki zuwa wani, to ta yaya za a ce ɗaki ne ke tantance shi? A nan abubuwa biyu aka cakuɗa. Gadon ƙarfe mai taya kaya ne na asibiti, yana da lambar kadara a jikinsa, yana tsayawa da kansa ko’ina aka kai shi. Gado na 7 kuwa gurbi ne a cikin ɗaki, yana nan ko an canja ƙarfen da ke wurin. Gurbin ne mai rauni. Sai dai ina ba da shawarar a guji `ON DELETE CASCADE` tsakanin ɗaki da gado, duk da cewa littattafan koyarwa kan haɗa shi da abu mai rauni. Idan an rufe ɗaki, a yi masa alamar rufewa, a bar layinsa, domin tarihin duk wanda ya taɓa kwanciya a gadajensa yana rataye da shi.