Kuskuren Shekarar Haihuwa Wajen Buɗe Asusu

Magidanci a Jahun ya sayi sabuwar waya, mai shago ya buɗe masa tsohon asusunsa na Google cikin gaggawa, da aka tambayi shekarar haihuwa ya sa 2015 maimakon 1985. Nan take na'ura ta ɗauke shi yaron da bai kai shekara 13 ba, ta rufe masa ƙofa. Wani zai ce ai buɗe sabon asusu ya fi sauƙi. To, amma lambobin mutane da hotunan da ke tsohon fa? Gara a gyara: a bi saƙon da kamfanin ya turo, a ɗora hoton shaidar gwamnati, kamar fasfo ko lasisin tuƙi, mai nuna ranar haihuwa. Kada a yi jinkiri, domin wa'adi na cika ana iya goge asusun.