Ba ta goge komai ba, POP3 ne

Makon jiya aka kira ni wani ofishin ƴan kwangila a Kano, kuma har yau abin bai bar raina ba. Na tarar da sakatariyar ofishin a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja. Laifinta wai ta goge saƙonnin maigida. Alhaji ya aika wa wani kamfani takardar farashi daga wayarsa, daga baya gardama ta tashi kan kuɗin, aka zo kwamfutar ofis don a buga shaida a takarda. Aka buɗe Sent Items a Outlook, ba a ga saƙon ba. Ga saƙo a waya, babu shi a kwamfuta, kuma ita kaɗai ke zama a kan kwamfutar.

"Injiniya, duba mana, yarinyar nan ta ci amanata," in ji Alhaji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar kafin a yanke mata hukunci."

Ban taɓa Outlook ba tukuna. Na buɗe burauza na shiga Webmail da adireshinsa, na danna Sent. Ga saƙon nan zaune, da ranarsa da takardar da aka maƙala. Sannan na leƙa Account Settings a Outlook, ƙarƙashin Type an rubuta POP/SMTP, lambar shigowa 995. Wayar kuwa IMAP ce, 993. Magana ta ƙare.

Wayar tana aikawa ta SMTP, sannan ta ajiye kwafi a foldar Sent da ke kan uwar garke. POP3 kuwa Inbox kaɗai ya sani. Zai kwaso abin da ya shigo, amma bai taɓa leƙa Sent ba, ba kuma zai leƙa ba ko shekara goma za a yi ana danna Send/Receive. Sent Items ɗin da ke kwamfutar wata folda ce dabam, tana cikin fayil ɗin .pst a kan hard disk ɗin, abin da aka aika daga kwamfutar kaɗai ke shiga cikinta.

Da a nan aka tsaya, da sauƙi. Ashe kafin zuwana sun kira wani yaro mai "gyara". Da ya ga saƙo bai fito ba, sai ya ce bairos ce, ya yi wa kwamfutar fomat, ya sake saka Outlook, ya sake zaɓar POP ɗin nan dai. Bai kwafe .pst ba, ina shakka ma in ya san da shi. Duk abin da sakatariyar ta aika daga wannan teburi cikin shekara uku, takardun neman biya, amsoshin kwangila, a fayil ɗin nan kaɗai yake, babu kwafinsa a uwar garke. An tafi neman saƙo ɗaya da bai ɓata ba, an zubar da na shekara uku. Garin neman gira an rasa ido. Na gwada ceto shi, amma sabuwar Windows ta riga ta hau kan wurin.

Na sake saita akwatin a IMAP. Nan ma sai da na ƙara zama, don foldoji uku na tarar a uwar garke: Sent, Sent Items da Sent Messages. Ta ƙarshen aikin iPhone ce, wata tsohuwar wayar Alhaji ta ƙirƙire ta. Kowace na'ura da inda take zuba nata. Na shiga IMAP Folders, na danna Query, na yi Subscribe ga wadda ba ta fitowa, na sa INBOX a Root folder path tunda uwar garkensu a ƙarƙashin Inbox take jera foldoji. Na tattara tsofaffin saƙonni wuri ɗaya, na nuna wa wayar foldar da za ta riƙa ajiya. Na aika gwaji daga waya, ya fito a kwamfuta. Na aika daga kwamfuta, ya fito a waya.

Don Allah, in saƙo ya ɓace, a fara duba Webmail. In yana can, bai ɓata ba, saitinku ne ya karkace. Wanda ke amfani da waya da kwamfuta a kan adireshi ɗaya ba shi da abin yi da POP3. Kada a cire akwatin POP, kada a yi fomat, sai an kwafe .pst a filashi. Na sake faɗa, a kwafe .pst! Ku kuma lura, Outlook a POP yakan share saƙo daga uwar garke bayan kwana 14 in ba a sauya saitin ba. Duk mai gyaran da ya fara da maganar fomat kafin ya tambayi POP ne ko IMAP, ku karɓe linzamin daga hannunsa.

Alhaji ya ba sakatariyar haƙuri a gabana, da murya ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ta koma teburinta, ta fara kiran kamfanoni ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su turo mata kwafin abin da ta taɓa aika musu.