Shafin Bayanin Kai: Ingilishi Kaɗai, Ko a Haɗa da Wani Harshe?

Wani matashi daga Matameye, wanda ya yi karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ya kawo mini mas'alarsa. Abokansa na tsallaken iyaka, wajen Daura da Kano, sun ba shi shawara ya rubuta shafinsa na LinkedIn da Ingilishi zalla, domin a cewarsu shi ne harshen duniya, alhali kuwa aikin da yake nema na ƙungiyoyin raya karkara ne da ke jihar Damagaram.

Ɗana, amsar tana wajen mai karanta shafin. Ko da yake kundin da hukumomin Nijar suka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, galibin jami'an da ke tace masu neman aiki a Damagaram da Yamai da Faransanci aka yi musu lakwal, da shi suke rubuta sanarwa, da shi kuma suke bincike. Injin binciken LinkedIn kuwa lafazi ya fi bi, ta yadda idan jami'i ya buga `suivi-évaluation` kai kuma abin da ke shafinka shi ne `monitoring and evaluation`, to, mai yiwuwa sunanka ba zai bayyana gabansa ba, komai cancantarka. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: tara sanarwa goma na irin aikin da kake so, ka ƙidaya harshen kowace. In bakwai ko takwas da Faransanci suke, shi ne asalin shafinka, Ingilishi ya zama reshe. In kuwa rinjaye na Ingilishi ne, sai ka juya.

Kada ka cakuɗa harsunan biyu a gurbi guda. Layin da ke ƙarƙashin sunanka haruffa 220 kawai yake ɗauka, kuma a allon waya farkonsa ake gani, saboda haka wanda ya raba shi gida biyu ya tauye kowane rabi. LinkedIn ya tanadi ƙofa ta musamman, wato `Add profile in another language`, wadda ke ba ka shafi na biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, sai a nuna wa kowane mai ziyara nassin da ya dace da harshen da ya saita, in babu a nuna masa na asali.

Inda aka fi tuntuɓe, kuma inda nake so ka tsaya da kyau, shi ne sunayen shahadodi. Wanda ya mayar da `Baccalauréat` ya koma `Bachelor` ya yi da'awar digirin jami'a da takardar kammala sakandare, kuma ko da bisa jahilci ya yi, mai dubawa zai ɗauke shi maƙaryaci ranar da aka ce ya kawo takardu. `Licence`, wadda ake samu bayan shekara 3, ita ce ta yi kusa da digirin farko, amma a Nijeriya an saba da shekara 4, har 5 a fannin noma. Abin da ya fi aminci shi ne ka bar sunan shahadar yadda yake a takardarka, ka biyo shi da gajeren bayani na tsawon karatun da fanninsa.

Shafi na biyu yana da sharuɗɗa. Duk wanda ya karanta Ingilishi mai santsi a shafinka zai kira ka da Ingilishi, saboda haka in wani ne ya tsara maka shi, ka bayyana haƙiƙanin matsayinka a sashen harsuna, domin amana ta fi ado, kuma kunyar da ake sha a ganawa ta fi rashin kiran zafi. Haka nan duk sa'ad da ka canza aiki, wajibi ne ka gyara nassin biyu a zama ɗaya, don kuwa saɓanin kwanan wata tsakaninsu shi ne alamar farko ta shafin da mai shi ya yi watsi da shi. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, shafi ɗaya ingantacce ya fi masa.

Hausarka kuma ka rubuta ta a jerin harsunanka a shafukan biyu, domin aikin da za a yi da manoman Kance da Magarya da ita ake yinsa, kuma ƙwarewa ce da ake ɗaukar mutum saboda ita. Amma in wata rana ka koma fataucin rake ko gyaɗa ta hanyar Ɗan Barto da Kongolam, bayaninka na WhatsApp Business da Hausa ya kamata ya kasance, tun da dillalan ɓangarorin biyu da ita suke ciniki.